Filashi Ɗaya Tsakanin Waya, Talabijin da Kwamfuta: Wane Tsari Ya Dace?

Kowane filashi ko katin memori yana ɗauke da wani tsari da ake shimfiɗa masa lokacin da aka yi masa fomat. Tsarin shi ne rajistar da ke nuna sunan kowane fayil, girmansa, da inda aka ajiye shi. Na'urar da ba ta san wannan rajista ba, ba za ta ga komai a ciki ba, ko da filashin lafiyarsa ƙalau. Tsare-tsaren da waya da talabijin da kwamfuta za su iya haɗuwa a kansu uku ne, kuma duka na kamfanin Microsoft ne: FAT32, NTFS da exFAT.

FAT32 ya fito a 1996, kuma da wuya a sami na'ura mai kafar USB da ba ta karanta shi, har rediyon mota. Aibinsa shi ne fayil guda ba ya kai gigabait 4. Wannan iyaka ba ta da alaƙa da girman filashin. A ɗauki bidiyon biki mai gigabait 6 da ake son turawa cikin filashi mai gigabait 64 wanda babu komai a cikinsa: Windows za ta ƙi, ta rubuta "The file is too large for the destination file system". Da yawa sukan ɗauka an sayar musu da jabu ne, alhali tsarin ne ya gaza.

NTFS, wanda ya zo a 1993, ba shi da wannan matsala, kuma yana riƙe da littafin ayyukan da ke kan gudana, don haka ya fi saurin farfaɗowa idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu. Talabijin da yawa suna karanta shi. A wajen waya ne yake tuntuɓe: iPhone da kwamfutar Mac suna buɗe abin da ke ciki amma ba sa iya ajiye sabo, wayoyin Android kuwa wasu ba sa ganinsa sam sai an saka wata manhaja ta daban.

An fitar da exFAT a 2006 musamman don filashi da katuna. Yana ɗaukar fayil komai girmansa a amfanin yau da kullum, kuma Windows da Mac da Linux duk suna karantawa suna rubutawa. Shi ne tsarin da katunan SDXC, wato waɗanda suka wuce gigabait 32, ke zuwa da shi daga masana'anta, shi ya sa yawancin wayoyi masu kafar memori suka san shi. iPhone ma yana aiki da shi tun iOS 13 na 2019. Inda ake samun cikas shi ne tsofaffin talabijin da ƙananan dikoda, waɗanda da dama cikinsu FAT32 da NTFS kaɗai suka sani.

Saboda haka na'urar da ta fi rauni ita ke yanke hukunci, kuma galibi talabijin ce. Gwajin ba shi da wuya. A kwashe kayan filashin zuwa kwamfuta tukuna, domin fomat yana share komai. A Windows, a danna filashin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Format, a sa exFAT a ƙarƙashin File system. Sai a tura hoto ɗaya da bidiyon nan mai gigabait 6, a gwada a talabijin, sannan a waya ta hanyar mahaɗin OTG. Idan duka sun gani, magana ta ƙare. Idan talabijin ta ƙi, a koma FAT32, a kuma raba bidiyon gida biyu ko a rage nauyinsa. Sai dai Windows ba ta cika ba da zaɓin FAT32 ga filashin da ya haura gigabait 32 ba, alhali Disk Utility na Mac yana yi ƙarƙashin sunan MS-DOS (FAT).

Ya kamata a bambance cuta biyu masu kama da juna. Idan talabijin ta nuna sunayen fayiloli amma bidiyon ya ƙi tashi, ko hoto ya fito babu murya, tsarin filashin ba shi da laifi. Nau'in bidiyon ne ba ta iya ba, kuma fomat ba zai gyara ba. Idan kuwa ita ko wayar ta nemi izinin yi wa filashin fomat da kanta, gara a ƙi, musamman in ta ce za ta mai da shi ma'ajiyar cikin gida ko wurin naɗar shirye-shirye, domin daga nan sauran na'urorin ba za su ƙara karanta shi ba.

FAT32 da exFAT ba su da littafin farfaɗowa irin na NTFS. Zare filashi ana cikin turawa, ko ɗaukewar wuta, kan bar fayil rabi ko sunaye a hargitse. A riƙa danna Eject kafin a cire. In ɓarnar ta riga ta auku, wannan umarni a Windows yakan gyara rajistar, a sauya E da harafin filashin:

```
chkdsk E: /f
```