Hoton da ke waya ɗaya tamkar ƙwai ne a kan dutse

Da yawa daga cikinmu, hotunan aure, na suna, na takardun makaranta da na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, duk suna cikin waya guda ɗaya. Ranar da aka fizge ta a kasuwa, ko ta faɗa ruwa, ko ta ƙi kunnuwa, shi ke nan. Maganin da nake son in bayyana shi ne ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

Kowace lamba tana da masifar da take karewa. Kwafi uku, domin in ɗaya ya salwanta, na biyun ma zai iya kasancewa ya lalace ba ka sani ba. Ma'ajiya iri biyu, domin abin da ya kashe waya kada ya kashe su duka. Wuri dabam kuwa saboda gobara, ambaliya ko ɓarawo, waɗanda ke kwashe abin da ke ɗaki gaba ɗaya. A nan ne nake jan kunnen masu dogaro da katin memori da ke cikin waya: wanda ya sace wayar, da katin ya tafi.

Mu ɗauki misalin ɗalibar da ke da hotuna 4,000 a wayar Android. In kowane hoto ya kai 3 MB, jimilla kusan 12 GB ke nan. Kwafi na farko shi ne wanda ke wayar.

Kwafi na biyu, ta sayi filas mai 32 GB irin wanda ake sakawa a bakin cajin waya, wato OTG. Ta buɗe manhajar fayil, ta kwafe jakar DCIM, inda kyamara ke ajiye hotuna. Ta kula ta zaɓi Copy, ba Move ba, domin na biyun kwashe hotunan yake yi daga wayar. Hotunan WhatsApp ba su cikin DCIM. A sababbin wayoyi suna cikin Android/media/com.whatsapp, sai an bi su can. Bayan ta gama, ta duba ko adadin fayilolin ya zo daidai, sannan ta buɗe hotuna daga farko, tsakiya da ƙarshe. Akwai jabun filas da ke nuna girman da ba su da shi: sunan hoto zai bayyana, amma ba zai buɗu ba. Sai ta cire filas ɗin ta adana a akwati, ba a jakar da take yawo da wayar ba, ta riƙa ƙara sababbin hotuna duk wata.

Kwafi na uku shi ne na nesa. Ta kunna Backup a Google Photos, ta bar shi ya loda inda akwai Wi-Fi, domin 12 GB ba ƙaramar data ba ce. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, amma Gmail da Drive ma daga ciki suke ci. Saura 3 GB kacal ke nan, kuma da ya cika, lodawa ta tsaya. Wanda bai da halin data, ya yi filas na biyu ya kai ajiya gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Ƙa'idar ta cika.

Sai dai akwai tarko biyu. Na farko, in ka goge hoton da aka riga aka loda daga cikin manhajar Google Photos, zai goge a wayar da kuma a asusun. Yana ɗan zama a kwandon shara, daga baya ya tafi har abada. Haka nan maɓallin Free up space yana share kwafin da ke wayar, sai kwafi uku su koma biyu. Filas ɗin da ke akwati ne kaɗai kuskuren yatsa ba ya isa gare shi.

Na biyu, mabuɗin asusun. Mutane da dama a shagon waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrinsu ba, lambar tabbatarwa kuma layin da aka sace ake turo wa. Saboda haka ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ka adana tare da filas ɗin, ka kuma sa lambar wani amintacce a matsayin ta ceto.

Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ka ajiye wayarka gefe, ka ari wata, ka shiga photos.google.com, ka nemi hoton da ka ɗauka jiya, sannan ka fita daga asusun. In ka same shi, ajiyarka na aiki. In ba ka samu ba, gara ka gano yau, tun wayar tana hannunka.