Gorar zobo ta yi tauri? Kada a sha

A zafin watan Afrilu a Kano, uwargida ta dafa zoɓorodo da safe, ta sa citta da kanumfari, ta zuba sukari, ta ɗura a gorori ta jera a firji. Da azahar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai washegari. Da ta ɗauko gora ɗaya ta matsa, sai ta ji ta yi tauri kamar ta lemon kwalba. Tana murɗa murfin iska ta fito da ƙara, kumfa ya taso.

Wannan zobon ya fara rikiɗa. Akwai ƙwayoyin yis, dangin wanda ake kwaɓa fanke da shi, a iska da hannu da bakin gora. Idan suka samu sukari da ɗumi sai su cinye sukarin, su fitar da iska da ɗan sinadarin barasa. Iskar ce ke kumbura gora. Tafasawa tana kashe su, amma abin da aka zuba bayan an sauke tukunya, kamar ɗanyen ruwa, ƙanƙara ko markaɗaɗɗiyar abarba, shi ke dawo da su. Haka ma tsohuwar gorar da aka ɗauraye sama-sama.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne zobo dama mai tsami ne, don haka harshe ba ya saurin ganewa. A dubi gorar tukuna, sannan a sansana. Warin giya ko na kwanannen ƙullu, yauƙi idan ana tsiyayawa, ko farar fumfuna a saman ruwan, kowanne ya isa a zubar. Sake tafasa shi ba ya gyara shi, ƙara sukari kuwa ɓoye ɗanɗanon kawai yake yi.

Tsamin nan na asali shi ke hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa. Shi ya sa nake jan hankalin masu jefa kanwa don kashe tsami: zobon ya fi daɗin sha, amma kariyarsa ta ragu. Kuma ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba lallai su canza wari ko launi ba, sai a riƙa ƙirga lokaci.

Zobo mai sukari da ke ajiye a ɗaki, a shanye shi ranar da aka yi. A firjin da ke riƙe sanyin digiri 4 ba yankewa, kwana 3 zuwa 4. Wanda ya daskare ya zama ƙanƙara yana kai makonni, amma da ya narke a sha a ranar.

Uwargida, in kina son ya daɗe, ki ajiye shi tsagwaronsa ba sukari ba abarba, a gorar da kika wanke da sabulu da ruwan zafi, ki haɗa gwargwadon wanda za a sha yau.