Ingausa a Waya: Saƙon Oga Daban, Na Aboki Daban

A ce ranar Litinin ce da safe, a wata ma'aikata a Kano. Wani matashi a sashen kuɗi ya yi alkawarin miƙa rahoton ƙarshen wata da ƙarfe 10, sai ga shi lissafin kuɗin man janareto ya ƙi daidaita da rasidan da ke hannunsa. Ya ɗauki waya ya rubuta wa abokin aikinsa a WhatsApp: "Slm, ykk? Wallahi ban yi sabmitin ɗin rifot ɗin nan ba, figas ɗin sun ƙi balansin. Ka yi min kobarin a mitin, filis." Abokin ya karanta, ya gane, ya amsa da "ba damuwa". Saƙon ya yi aikinsa, babu abin gyara a cikinsa.

Matsala tana farawa ne idan yatsan da ya rubuta wannan ya juya kan lambar shugaba bai sauya taku ba. Wannan gaurayen Hausa da Turanci, wanda ake kira Ingausa, ya zama yaren yau da kullum na ɗalibai da ma'aikata, kuma ban ga laifinsa ba. Turanci ne harshen aikin gwamnati a Najeriya, da shi ake rubuta takardu, don haka dole kalmominsa su biyo mutum har cikin hira. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne gurbin da kalmar Turanci ta zauna a cikin jimla, domin a nan ne ladabi yake tsayawa ko ya faɗi.

Sunayen kayan aiki ba su da haɗari. Fayil, rasit, mitin, kwamfuta, ofis, baucan biya: duk waɗannan shugaba ma da su yake magana, kuma wanda ya nace sai ya fassara kowannensu zai iya rikita zancen. Inda ake samun tuntuɓe shi ne aikatau. Bahaushe yakan ɗauko aikatau na Turanci ya jingina shi da "yi", ya ce na yi sabmitin, na yi kolin ɗinka, ka yi fowadin. Wannan ginin na hirar tsara ne. Yana da sauri, yana da daɗin baki, amma yana ɗauke da sautin mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya. A gaban shugaba, "na miƙa", "na kira", "a tura" sun fi zama daidai, kuma ba su fi tsawo ba.

Sai wurare uku da nake ganin bai kamata a bar wa guntun Turanci ba sam: gaisuwa, roƙo, da ban haƙuri. Dalili kuwa yana cikin ginin harshen kansa. Hausa tana da hanyoyin kauce wa nuna babba da yatsa. Maimakon "ka duba", sai a ce "a duba". Maimakon "ka tashi lafiya?", sai a ce "an tashi lafiya?". Wani lokaci a yi maganarsa kamar ba ya nan: "idan Yallaɓai ya samu dama". Wasu kuma su yi amfani da "ku" ga mutum ɗaya don girmamawa. Turancin yau da kullum kalma ɗaya yake da ita ga duk wanda ake yi wa magana, yaro ne ko dattijo, mace ko namiji, ɗaya ko goma. Yana da nasa hanyoyin ladabi, amma a cikin doguwar jimla suke zaune. Idan aka tsinko "filis" ko "sori" ita kaɗai aka jefa cikin Hausa, an baro ladabin Turancin a baya, ba a kuma ɗauko na Hausa ba. "Sori sa" abin da ake faɗa ne idan an taka ƙafar mutum a layi. Rahoton da ya makara yana bukatar "a yi haƙuri".

Ga yadda saƙon matashin nan zai kasance idan ya nufi shugabarsa: "Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Barka da safiya. A yi haƙuri, rahoton ƙarshen wata bai kammala ba, saboda kuɗin man janareto bai yi daidai da rasidan ba, akwai bambancin naira 48,500. Ina bin sawunsa a wurin sitokifa. In Allah ya yarda zan miƙa kafin ƙarfe 2 na rana. Na gode." A duba abin da ya sauya. Sallama ta fito cikakkiya, an bar taƙaitawa irin su slm da ngd. Kalmomin aro sun rage janareto, rasit da sitokifa, dukansu sunaye. Sannan an faɗi adadin kuɗi da lokaci a lamba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin shugaba na iya tura saƙon gaba ga nasa shugaban, ko a dawo kansa bayan wata uku ana neman wanda ya ce me. Aboki zai cike gurbin abin da ba ka faɗa ba daga sanin da ya yi maka. Shugaba abin da ka rubuta kawai zai riƙe.

Akwai shugaban da shi kansa Ingausa yake zubawa, har da alamun dariya. Wannan yakan ruɗi sabon ma'aikaci, ya ɗauka an buɗe masa ƙofa. Shawarata ita ce ka sassauta, amma ka tsaya taki ɗaya a bayansa. Idan ya rubuto "okey", kai ka ce "to, ranka ya daɗe". Sakin jiki daga sama kyauta ce, kuma mai bayarwa na iya janye ta ranar da ransa ya ɓaci. Haka abin yake ko da shugaban sa'anka ne, ko ma ƙaninka a shekaru: a zauren WhatsApp na ofis, inda kowa ke gani, ka ba kujerar haƙƙinta, hirar tsara ta jira ku keɓe.

Yaya mutum zai gane ya yi kuskure? Da wuya babba ya fito ya ce saƙonka bai yi masa daɗi ba. Alamar takan zo a amsarsa. Ka aika ba sallama, sai ya fara amsarsa da cikakkiyar sallama: gyara ne a fakaice. Ko wanda ya saba amsa maka da Hausa ya koma tsantsar Turancin ofis, gajere, babu gaisuwa. Idan ka ga haka, saƙo na gaba ya koma cikakkiyar Hausa, ba sai ka tsaya dogon bayani ba.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar, wadda ba a cika magana a kanta ba. Ka rubuta wa abokin da kuke shan shayi tare "ina mai sanar da kai cewa", ko ka jero masa Turancin wasiƙa, nan take zai tambaye ka ko lafiya. A tsakanin tsara, tsananin ladabi alamar fushi ce ko ja da baya, kuma Ingausar nan da ake rainawa ita ce shaidar cewa zumunci na nan.

Idan kuwa maganar ta kai ga neman hutu, amsa takardar tuhuma, ko batun kuɗi mai nauyi, to a bar gauraye gaba ɗaya. A rubuta takarda da harshe ɗaya yadda dokar ofis ta tanada, sannan a bi ta da gajeren saƙon Hausa: "Ranka ya daɗe, na ajiye takarda a teburin sakatare, a taimaka a duba."