Taken Imel ɗin da Ke Sa a Buɗe Takardar Neman Aikinka

Idan wata ƙungiya ta tallata gurbin aiki a Maiduguri ko Kano, ta ce a turo takardu ta imel, jami'ar da za ta karɓi saƙonnin ba ta fara cin karo da digirin kowa ba. Abu uku kawai take gani a kowane layi na akwatinta: sunan wanda ya turo, taken saƙon, wato abin da aka rubuta a gurbin `Subject`, sai 'yan kalmomin farko na wasiƙar da ke leƙowa a ƙasa. Saƙonnin kuma ba ɗaya ba ne, ba goma ba, sun yi layi har ƙasa, ga shi sau da yawa ba gurbi ɗaya aka tallata ba. Ana neman direba, ana neman akawu, ana neman ma'aikaciyar jinya, duk kuma adireshi ɗaya aka bayar. Saboda haka aikinta na farko rarrabewa ne. Karatu sai daga baya, ga waɗanda suka faɗa inda ya dace.

Duk wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota ya san wannan. Buhun da aka rubuta wa sunan gari da sunan mai karɓa da manyan baƙaƙe shi ɗan kamasho ke fara ɗorawa. Wanda ba rubutu a jikinsa kuwa a gefe ake jingine shi, komai tsadar abin da ke ciki.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce tallar ta ce ana neman `Finance Assistant` a Maiduguri, an sa wa gurbin lamba `FA/03`, a ƙarshe kuma aka rubuta cewa mai nema ya sa sunan aikin da garin a matsayin taken saƙonsa. Irin wannan umarni ya cika tallace-tallacen da ake gani a Jobberman da MyJobMag da ReliefWeb, kuma galibi a layin ƙarshe yake, inda idon mai gaggawa ya riga ya tsallake ya tafi neman adireshi. Dalilin umarnin yana da sauƙi. Jami'ar ba za ta bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ba. A Gmail tana iya rubuta wannan a gurbin bincike:

```
subject:(Finance Assistant)
```

Nan take duk saƙon da ke da waɗannan kalmomi biyu a takensa zai fito, sauran su ɓace mata daga gani. Tana ma iya saita akwatin tun kafin a saki tallar, yadda duk saƙon da ya shigo da wannan take zai wuce kai tsaye zuwa jakar da aka ware wa gurbin, kuma Outlook ma yana yin haka. To, mutumin da ya rubuta `Accountant job`, don a ganinsa ai duk aikin kuɗi ne, bai faɗa jakar ba. Wanda ya rubuta `My CV` ma haka. Ba wanda ya duba takardunsu ya ce ba su cancanta ba. Ba a ma san sun zo ba. Shi ya sa nake ganin mafi aminci shi ne mutum ya kwafo sunan aikin daga tallar harafi da harafi, ko da yana ganin zai iya tsara shi da Turancin da ya fi nasu daɗi. Idan sun ce lambar gurbi kaɗai za a sa, a sa ta ita kaɗai. Wasu masu ɗaukar aiki da wannan suke fara gwada ko mutum yana bin umarni, musamman a aikin da ya shafi lissafi da ajiye takardu.

Sai batun jerin kalmomin, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Allon waya ƙarami ne, abin da yake nunawa na take bai cika wuce harafi 30 zuwa 40 ba, ya danganta da wayar da girman rubutunta, sauran sai ya yanke da ɗigo uku. Yanzu duba yadda aka koya mana buɗe takardar neman aiki tun a sakandare: `Application for the position of`. Idan ka ƙirga da tazarar da ke tsakanin kalmomi, harafi 31 ke nan, ba a ma kai ga sunan aikin ba. Abin da jami'ar za ta gani a wayarta shi ne wannan jimla da guntun kalma, iri ɗaya sak da na mutum ɗari da ke sama da kai da ƙasa da kai. Gwada wannan kuwa:

```
Finance Assistant, Maiduguri - FA/03 - cikakken sunanka
```

Sunan aikin da garin harafi 28 ne kacal, sun shiga allon duka. Lambar gurbin ta biyo baya don mai bincike da lamba. Sunanka ya zo a ƙarshe, kuma ko an yanke shi ba asara, tunda yana nan a layin sama. Amfaninsa yana zuwa ne daga baya, lokacin da jami'ar ta tura saƙonka ga shugaban sashen kuɗi, sunanta ya maye gurbin naka a matsayin mai turowa. A Nijar ma abin ɗaya ne da Faransanci: `Candidature au poste de` tana cinye wurin da `Comptable, Maradi` ya kamata ya zauna, sai dai fa in tallar ce ta ce a rubuta hakan.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke jawo matsala a nan, kuma ba mummunar ɗabi'a ba ce. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙatarsa kafin ya yi sallama ya gaishe shi. Don haka za ka ga take an rubuta `Assalamu alaikum`, ko `Good morning sir`, wani kuma ya zuba kukansa gaba ɗaya: `Please help me sir`. Gaisuwa tana da wurinta, a layin farko na wasiƙar, kuma ba wanda zai ce ka yi rashin kunya don takenka ya tafi kai tsaye. Roƙo kuwa illa yake yi, domin yana sa saƙon ya yi kama da na neman taimakon kuɗi, irin wanda ma'aikacin ofis ya saba tsallakewa. Haka `URGENT!!!` da manyan baƙaƙe: gaggawar taka ce, ba ta jami'ar ba, kuma salon ya yi kama da na 'yan damfara. Wasu kuma sukan sa `Re:` da hannunsu a gaba don a zaci amsa ce ga wata tsohuwar magana. Za a iya buɗewa, amma da an gane dabara ce, da wannan idon za a karanta sauran.

Wanda ya fi yawa, a ganina, shi ne `Fwd:`. Mutum ya nemi aiki a wani wuri makon jiya, yau ya ga sabuwar talla, sai ya danna `Forward` ya sauya adireshi kawai. Saƙon ya isa da `Fwd: Fwd:` a gaba, da sunan wani aiki daban, wani lokaci har da sunan wancan kamfanin a cikin wasiƙar. Buɗe sabon saƙo da sake liƙa takardun bai fi minti biyu ba.

Shin ana ƙara wani abin tallata kai a take? Idan tallar ta faɗi abin da za a rubuta, kada a ƙara komai sai suna. Idan ba ta faɗa ba, akwai sarari na abu ɗaya, kuma ya zama abin da za a iya tabbatarwa, wanda tallar ta nema. In ta ce sai mai shaidar ICAN ko ANAN, kuma kana da ita, `Finance Assistant, Maiduguri - ICAN` ya gaya wa jami'ar cewa ka tsallake shingen farko. In aikin jinya ne, `RN/RM` yana yin wannan aikin. In ana neman mai jin harshen yankin, `Hausa/Kanuri speaker` ya fi kowane kirari. Kalmomi irin su `hardworking` da `highly motivated` kuwa kowa ma yana iya kiran kansa da su, don haka ba su bambanta ka da kowa ba.

Lamarin yakan sauya idan babu talla, wato kai ne ka ga dama ka tuntuɓi wani kamfani ko makaranta. A nan ba wata jaka da ke jiranka, ba kuma wanda ke binciken wata kalma, sai ka ba mutumin dalilin buɗewa da kanka. Mafi ƙarfin dalili shi ne sunan wanda ya sani: `Referred by` sai sunan wanda ya turo ka, sannan aikin da kake nema. Amma sai da izininsa, kuma ya zama ya san ka da gaske, domin abu na farko da za a yi shi ne a ɗaga waya a tambaye shi. In babu wanda ya turo ka, faɗi abin da kake da kuma inda kake, kamar `Physics teacher, 5 years, available in Zaria`. Shugaban makarantar da malaminsa ya ajiye aiki ana tsakiyar zango zai tsaya a kan wannan layin.

Take mai kyau kuma yana iya lalacewa saboda layin da ke samansa. Da yawanmu mun buɗe imel ne tun muna ɗalibai, ko wani ya buɗe mana a shagon sayar da waya, da laƙabin da abokai ke kiranmu. Wasu kuma a shagon intanet ake tura musu, saƙon ya fita da sunan mai shagon, kiran ganawa ma can zai koma. Sunan da ke fita ya zama shi ne wanda ke kan takardun makarantarka. A Gmail na kwamfuta ana gyara shi a `Settings`, ƙarƙashin `Accounts and Import`, a wurin `Send mail as`.

Wannan duka bai shafi manyan wuraren da ke da shafin cike fom ba, irin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da yawancin bankuna da ɗaukar aikin gwamnatin tarayya. Can in an ce a cike fom, imel komai kyan takensa ba ya shiga lissafi.

Kafin ka tura, aika wa kanka saƙon tukuna, ka buɗe akwatinka a waya ka ga abin da ya fito: wane suna ne a sama, a ina aka yanke taken, waɗanne kalmomi ne suka leƙo a ƙasa. Wannan gwajin yana da muhimmanci domin da zarar saƙo ya tafi ba a gyara takensa. Maɓallin `Undo` na Gmail 'yan daƙiƙu kawai yake bayarwa, 30 ne iyakarsa. In kuwa sai bayan ya tafi ka lura ka yi kuskuren sunan aikin ko ka bar gurbin fayau, kuma ranar rufewa ba ta wuce ba, ka tura sabon saƙo sau ɗaya da take daidai da duk takardun, ka faɗa a layin farko cewa wannan ya maye gurbin na baya. Idan kuma bibiya za ka yi bayan mako biyu da rufewa, ka shiga `Sent` ka amsa a kan saƙonka na farko, yadda taken zai zauna yadda yake, jami'ar ta ga wasiƙarka ta asali a ƙasa ba sai ta je nema ba.