Yadda Ake Gane Kujerar Kirki a Taswirar Jirgin Sama

Taswirar kujeru ita ce zanen cikin jirgin sama da kamfani ke nuna wa matafiyi lokacin sayen tikiti ko lokacin yin rajistar shiga jirgi. Hancin jirgin yakan kasance a sama, wutsiyarsa a ƙasa, layuka suna ɗauke da lambobi, kujeru kuma da haruffa, ana farawa da A daga tagar hagu. A zane duk kujerun kamarsu ɗaya, amma a cikin jirgi ba haka suke ba. Wata bayanta ba ya kwantawa, wata tana bakin makewayi, wata kuma ana kiranta ta taga alhali bango ne a gefenta. Taswirar ba ta cika faɗin waɗannan abubuwa ba, sai dai mai karatunta ya gano su daga inda ƙofofi, fikafikai da bangaye suke.

Matakin farko shi ne sanin irin jirgin, kuma yakan fito a bayanan tafiya kusa da lambar jirgi, wani lokaci a taƙaice: 738 na nufin Boeing 737-800, 320 na nufin Airbus A320, 77W kuma Boeing 777-300ER. Daga nan ake gane faɗin kujera. Boeing 737 da A320 duka suna jera kujeru uku a hagu, uku a dama, amma cikin A320 ya ɗan fi faɗi, don haka kujerarsa takan kai inci 18, ta 737 kuwa kusan inci 17. A manyan jirage masu hanyar wucewa biyu, ƙirga kujerun layi ɗaya ya isa. Boeing 777 ya fara aiki da kujeru 9 a layi a yawancin kamfanoni, yanzu da yawa sun mai da su 10, wato uku, huɗu, uku, kuma faɗin kujerar da aka ƙara daga kafaɗun fasinjoji da hanyar wucewa aka rage shi. Airbus A330 yakan zo da biyu, huɗu, biyu, tsarin da ya fi dacewa da miji da mata masu tafiya Umara, domin sukan samu kujeru biyu na gefe babu baƙo a tsakaninsu. Tazarar gaba kuwa, wato daga kujera zuwa daidai wurin a ta gabanta, kamfani ne ke yanke ta, ba masu ƙera jirgin ba. A ɓangaren masu ƙaramin tikiti takan kama daga inci 28 zuwa 32, kuma dogon mutum yana jin bambancin a gwiwarsa tun kafin jirgi ya tashi.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne kewayen ƙofofin gaggawa. Boeing 737-800 yana da ƙananan ƙofofi biyu a kowane gefe, a saman fiffike, ɗaya bayan ɗaya. Lambobin layukan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a ɗauka cewa taswira ta nuna su a layi na 15 da na 16. Ƙa'idar ita ce kada bayan wata kujera ya tare hanyar da mutane za su bi su fita idan hatsari ya auku. Saboda haka layi na 14 bayansa ba ya kwantawa, domin zai faɗa cikin hanyar ƙofar farko, kuma ba shi da ƙarin wurin miƙe ƙafa. Ga shi wanda ke layi na 13 yana iya kwanto da tasa kujerar a kan mai zama a 14, ya matse shi ta gaba alhali ba shi da damar ja da baya. Layi na 15 yana da sarari a gaba, amma shi ma galibi a kulle bayansa yake, saboda ƙofa ta biyu. Layi na 16 ne ya haɗa biyun: ga wurin ƙafa, ga baya mai kwantawa, kuma kujerar gabansa ba za ta taɓa kwantowa kansa ba. Layuka uku ne a jere, amma ɗaya na cikin mafi muni a jirgin, ɗaya kuma na cikin mafi kyau.

Zama a bakin ƙofar gaggawa yana da sharuɗɗa. Ba a ba yara, ko mai ɗauke da jariri, ko wanda ba zai iya buɗe ƙofar ba, kuma dole mutum ya ji harshen da ma'aikatan jirgi za su yi masa bayani da shi. Wanda ya zaɓa wa tsohuwar mahaifiyarsa wannan wuri don ta miƙe ƙafa, zai iya ganin an tashe ta an mai da ita duk inda ya rage. Gefen ƙofar kuma yakan yi sanyi a doguwar tafiya.

Layin ƙarshe matsalarsa a fili take. Bangon makewayi ko na wurin ajiye abinci yana bayansa, don haka kujerar kan kwanta kaɗan ko ta ƙi sam, ga masu jiran shiga makewayi a tsaye a kan mutum, ga ƙarar ƙofa da hasken wurin aiki cikin dare. Layin da ke fuskantar bango a gaba ya fi ruɗarwa. Babu mai kwanto da kujera a kansa, amma ba inda za a zura ƙafa, dole jaka ta hau sama lokacin tashi da sauka, kuma teburin cin abinci yana cikin hannun kujera, abin da ke rage faɗinta ya kuma hana ɗaga hannun. A manyan jirage a jikin wannan bango ake rataya gadon jarirai, don haka mai neman barci ya yi la'akari. Akwai kuma wata kujerar taga a gefen hagu na 737-800, gaba da fiffike kaɗan, wadda ba ta da taga saboda bututun iska ya bi ta jikin bangon.

Ƙara tana bin inda inji yake. A jiragen da injinansu ke ƙarƙashin fiffike, kamar 737, A320 da 777, gaba da fiffike ya fi shiru, daga fiffike zuwa wutsiya kuma ƙarar ta fi yawa, kuma wutsiya ce ta fi jin girgiza idan iska ta rikice. A Embraer ERJ-145 da jiragen CRJ injinan suna manne a jikin jirgi can baya, don haka layukan ƙarshe su ne abin gudu. Masu farfela irin su ATR 72 da Dash 8 Q400 dabam suke: ƙarar ta fi tsanani daidai saitin farfela, baya kuma ya fi sauƙi.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan kamfani ya canza jirgi, abin da ke faruwa ba tare da sanarwa ba. Lambar kujera takan zauna yadda take, amma layi na 16 da ke bakin ƙofa a wancan jirgi yana iya zama kujera ta gama-gari a wannan, ko ma wadda bayanta ke kulle. Shi ya sa ya kamata matafiyi ya sake buɗe taswirar lokacin rajistar shiga, wadda yawancin kamfanoni ke buɗewa sa'o'i 24 zuwa 48 kafin tashi, ya duba ko ƙofofin suna nan inda ya bar su. Idan sun matsa, ya canza kujera nan take, ko ya isa filin jirgi da wuri ya nemi ma'aikacin kanta ya canza masa kafin kujerun kirki su ƙare.