Tsohon Hannu a Layin Neman Aiki: Me Zai Rubuta a Wasiƙa?

A ɗauki misalin akantan da ya fara aiki a wata masaƙa a Bompai ta Kano a 1994, lokacin da ake shigar da lissafi da biro a katon littafi mai jan layi. Masaƙar ta durƙushe, ya koma banki. Aka yi haɗakar bankuna ta 2005, wadda ta rage su daga 89 zuwa 25, guguwar ta yi awon gaba da kujerarsa. Daga nan ya zama shugaban sashen kuɗi a wani kamfanin rarraba kaya, da ma'aikata goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Yanzu ya haura hamsin da biyar, ya ga tallan wata injin casar shinkafa tana neman akanta mai gogewar shekara biyar zuwa bakwai. Aikin zai iya yin sa ido a rufe. Amma ya kwana uku yana juya wasiƙar da zai haɗa da takardar tarihin aikinsa, ya kasa wuce layin farko.

Tsoronsa yana da tushe. Tallan aiki a Najeriya kan fito ƙarara ya ce kada mai nema ya wuce shekara kaza, kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, bai ambaci shekaru ba. Amurka tana da doka tun 1967 da ke kare ma'aikacin da ya kai arba'in. A nan kuwa, mai shekara talatin a bakin aiki ba shi da lauyan da ya wuce wasiƙarsa.

Daftarin farko da irin wannan mutum kan yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yana buɗewa da "Ina da gogewar fiye da shekara talatin", sai ya bi tarihi daki-daki daga masaƙa zuwa yau, shafi biyu cur, ya rufe da roƙon a taimaka a duba shi da idon rahama. Duk gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce wanda zai karanta.

Manajan injin shinkafar wataƙila bai kai arba'in ba. Da ya ga "shekara talatin", ba gwaninta yake fara hangowa ba, lissafi yake bugawa. Wannan dattijo albashin da aka ware zai ishe shi? In ya samu inda ya fi, ba zai tattara ya tafi bayan wata shida ba? Sannan ga abin da ba ya faɗuwa a baki, wanda a ƙasar Hausa ya fi sauran nauyi: ta yaya zai aiki sa'an mahaifinsa, ko ya ce masa "Baba, wannan lissafin bai yi ba, a sake"? Idan aka ce wa mutum "ka fi ƙarfin aikin nan", yawanci wannan ake nufi. Ba yabo ba ne, sallama ce cikin ladabi.

Saboda haka aikin wasiƙar shi ne ta amsa waɗannan tambayoyi kafin a yi su, ba tare da ta ambaci tsufa ko sau ɗaya ba.

Layin farko sai ya tashi daga buƙatar kamfanin. Injin casa tana sayen shanshera da yawa a lokacin kaka, daga hannun dillalai da manoma, sau da yawa da kuɗi a hannu, kuma a tsakanin sikeli da sito ne kuɗi kan zurare. Akantan ya san wannan, don ya yi shekaru yana daidaita kayan sito da abin da ke rubuce. Sai ya buɗe da cewa: "A shekara takwas da suka wuce ni ke rufe lissafin wata na kamfani mai rumbuna huɗu, kuma na rage lokacin rufewar daga kwana goma sha biyar zuwa shida." Babu 1994 a ciki, babu talatin. Ba ɓoyewa ya yi ba, tunda takardar tarihin aiki tana nan da shekarunta. Ya dai zaɓi abin da za a fara gani. Masu ba da shawara kan ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna cewa a tsaya kan shekara goma zuwa goma sha biyar na baya-bayan nan, sauran a dunƙule su a jimla ɗaya.

Zargin tsayawa kan tsohon yayi kuwa ba a wanke shi da rantsuwa. Jimlar "ina tafiya da zamani" ita kanta warin tsufa take yi, domin matashi ba ya rubuta ta. Abin da ke aiki shi ne suna da shekara. Ya ce shi ya kwashe lissafin kamfaninsu daga Excel zuwa Sage, ya koya wa mutum biyar amfani da shi. Ya ce tun da hukumar haraji ta tarayya ta buɗe TaxPro Max a 2021, da hannunsa yake shigar da bayanan harajin kayayyaki, kuma shi ya gyara rasitansu lokacin da harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Kalmar "da hannuna" tana da muhimmanci, saboda an san manyan shugabannin sashe da yawa sa hannu kawai suke yi, yara ke taɓa na'ura. In kuwa shi ma haka yake, kada ya rubuta. A ganawa za a iya juyo masa da kwamfuta a ce bismilla.

Sakin layi mafi wuya shi ne na dalili. Me ya sa shugaban mutum goma sha biyu yake neman kujerar mutum ɗaya? In bai faɗa ba, manajan zai ƙirƙiro amsa da kansa, kuma ba mai daɗi ba. Jimla biyu sun isa, muddin gaskiya ce: "Na yi shugabanci na ga iyakarsa, yanzu aikin lissafin kansa nake so, kusa da iyalina a Kano. Na ga matakin da kuka sa wa kujerar, kuma da saninsa na nema." Wannan ta taɓa batun albashi ba tare da ya faɗi adadi ba, balle ya karya farashin kansa tun kafin a zauna ciniki. Batun girma kuma misali ɗaya ya wadatar, in akwai shi: cewa ya girmi shugabansa na ƙarshe da shekara goma sha biyar, kuma sun yi shekara huɗu tare, ga lambarsa a cikin masu ba da shaida.

Akwai kalmomin da ya kamata ya bi ya tsince. "Duk da shekaruna" neman afuwa ce kan laifin da ba a tuhume shi ba. "A zamaninmu" tana raba shi da mai karatu. "Zan horar da matasanku" tana iya zama kyauta, amma manajan da ke tsoron a ƙwace masa kujera barazana zai ji, don haka gara a bar ta sai in tallan ya nemi hakan.

Wasiƙar da ta rage ba ta cika shafi ɗaya ba: sakin layi huɗu, adireshin imel mai ɗauke da sunansa ba shekarar haihuwarsa ba, an adana ta a PDF don kada tsarinta ya wargaje a wayar manajan. Ba za ta buɗe ƙofar da aka rubuta wa iyakar shekara 35 ba, can ɓata lokaci ne. Inda take tasiri shi ne matsakaitan kamfanoni, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, inda mai yanke hukunci da kansa yake karantawa. A layin ƙarshe, maimakon roƙo, akantan ya rubuta cewa yana iya zuwa kowace rana a mako mai zuwa, kuma in sun ga dama su ajiye masa lissafin sito na wata guda ya duba a gabansu.