Kasuwar Wasa a Kusurwar Aji: Yadda Yaran Yawuri Za Su Iya Canji

A ƙasar Yawuri, daga Shanga har Wara ta Ngaski, yaro yakan riƙa tallan albasa ko bandar kifi tun bai iya rubuta sunansa ba. Amma a ba shi lissafin kuɗi a allo, sai ya ruɗe. Maganin da muke ba malamai shawara shi ne su kafa 'yar kasuwa a kusurwar aji: tabarma ɗaya, da duwatsu a madadin albasa, da kifin kwali, da kuɗin takarda da yara suka yanka da kansu.

A fara da gane kuɗi. Yara da launi suke ganewa, launi kuwa yana yaudara. Tun da aka sake launin ₦200 da ₦500 da ₦1000 a shekarar 2022, sabuwar ɗari biyar ta zama koriya, ga Murtala, watau ₦20, ita ma koriya ce. Saboda haka a sa yaro ya ɗora yatsa kan lamba, sa'an nan ya dubi hoto: Sardauna a ₦200, Tafawa Ɓalewa a ₦5. Hamsin ba ta ba 'ya'yan Sarkawa wuya, gama masunta ne da kifinsu a bayanta. Don a san wanda ya gane, malam ya yi wasu takardun duk fari fat, da lamba kaɗai. Mai bin launi nan zai tsaya cik.

Canji shi ne babban aiki. A ce mai saye ya ɗauki albasa ta ₦350 da kifin ₦400, ya miƙa dubu. Kada mai sayarwa ya ɗebe a allo. Ya faɗi kuɗin kaya da ƙarfi, ɗari bakwai da hamsin, ya ajiye hamsin a tafin mai saye ya ce ɗari takwas, ya ƙara ɗari biyu ya ce dubu. Canji ₦250 ke nan. Wanda ya ba da ₦350 ba haɗama ko sakaci ya yi ba; ya cika hamsin zuwa ɗari, sa'an nan ya sake ƙirgawa daga ɗari bakwai maimakon takwas. Idan kuskure ya zo ɗari cif, nan malam zai duba, ba sai ya ɗauko bulala ba.

In sun ƙware, malam ya kwashe hamsin-hamsin daga kwanon mai sayarwa. Yaron da ya ce, "Ƙaro hamsin in ba ka ɗari uku," ya gama da wannan kusurwa.

Har wa yau a bar su su yi ciniki da bakin kasuwa. Dattawa har gobe suna kiran ₦200 jaka, gama jaka fam ɗari ce, da aka sauya kuɗi kuwa a 1973 fam guda ya zama Naira biyu.